Labule yana tsayawa kafin ya kai ƙarshe: saitin kuran da taku a A4988

Sa'idu, Garuwa: Assalamu alaikum. Malamai ina neman taimako a kan na'urar buɗe labule. Moter NEMA 17 ne, a jikinsa an rubuta 17HS4401. Direba A4988, Arduino Uno, wutar bolt 12 mai amfer 3. Bel GT2 da fuli mai haƙori 20. Labule ɗaya ne mai kauri, tafiyarsa mita ɗaya da rabi. Yana tashi lafiya, amma idan ya kusa ƙarshe sai moter ya tsaya yana gurnani yana karkarwa, kamar santimita 30 ya rage. Wajen buɗewa haka, wajen rufewa haka. Na saita Vref, wato bolt ɗin da ke ƙayyade kuran a direban, a 0.55 don ya ba da amfer 1, kamar yadda na gani ana yi. MS1, MS2, MS3 duk na haɗa su da 5V. Ina matsalar take?

Usman, Kuseri: Wa alaikumus salam. Matsalarka tana bakin maganarka ta ƙarshe. Ka haɗa ukun duka, wato ka raba kowane taku gida 16. Guntun taku ba shi da ƙarfi, kusan kashi 10 cikin ɗari kawai yake bayarwa. Cire wayoyin nan uku ya koma cikakken taku, za ka ga ya ja labulen har ƙarshe.

Malam Bello, Marwa: Wa alaikumus salam. Sa'idu, kafin ka cire komai, zare direban daga mazauninsa (bayan ka kashe wuta) ka duba kusa da baƙin guntun da ke tsakiya. Akwai ƙananan rezista biyu masu kama ɗaya. Me aka rubuta a kansu? R050, R068 ko R100?

Sa'idu, Garuwa: Na duba da fitilar waya, Malam. R100 ne, duka biyun.

Malam Bello, Marwa: To ga rabin amsar nan. Lissafin A4988, inda Imax yake iyakar kuran, Rs kuma rezistan nan, shi ne:

```
Imax = Vref / (8 × Rs)
```

Wanda ka kwaikwaya, allonsa na da rezista 0.068, shi ya sa 0.55 ya ba shi amfer 1. Naka 0.1 ne. Ka raba 0.55 da 0.8, ka samu 0.69. Ke nan moter ɗin da aka yi shi don amfer 1.7 kana ciyar da shi ƙasa da amfer 0.7. Yawancin allunan da ke zuwa mana kasuwa R100 ne, amma ba duka ba, shi ya sa ba a ɗaukar lambar Vref daga bakin wani, sai an karanta rezistan da ido.

Ɗaya rabin amsar tana jikin labulen. Kana da sikelin rataye, irin wanda ake auna kaya da shi? Cire bel ɗin, ka maƙala ƙugiyar sikelin a zoben farko, ka ja a hankali daga farko har ƙarshe kana kallon lambar. Abin da nake so shi ne lamba mafi girma da ta nuna, da kuma wurin da ta nuna ta.

Usman, Kuseri: Malam, amma ai ko a mita zai gani. Ya saka mita a layin bolt 12 ya karanta amfer nawa yake sha, ya yi ta murɗa ɗan sukurun saita Vref da ke kan direban har ya kai 1.

Malam Bello, Marwa: A'a Usman, wannan hanyar ƙona direba ce. Kuran da ke fitowa daga akwatin wuta daban, wanda ke yawo cikin bobin ɗin moter daban. Direban yanka wutar yake yi, yana kunnawa yana kashewa dubban sau cikin daƙiƙa, bobin kuwa bolt 2 ko 3 kawai yake buƙata. Idan moter na tsaye da amfer 1.2, abin da yake ƙonawa bai wuce wat 2 da ɗan abu ba, don haka a layin bolt 12 za ka ga kamar amfer 0.2 zuwa 0.3. Wanda ya nace sai ya ga amfer 1 a nan, zai murɗa sukurun har ƙurya bai gani ba, direba kuwa ya riga ya ɗauki zafi.

Sa'idu, Garuwa: Na auna. Da farko sikelin na nuna ƙasa da kilo 1. Yana ta hawa a hankali, a wajen ƙarshe ya kai kilo 2.5. Akwai kuma wuri ɗaya, inda aka haɗa rel biyu, da yake ɗan cijewa.

Malam Bello, Marwa: Madalla, yanzu muna da abin lissafi. Lambar tana hawa ne saboda da farko zobe ɗaya kake ja, a ƙarshe kuwa duk zobban da nauyin yadin suna bayanka. Wajen buɗewa ma haka, zoben farko yana tura na biyu, na biyu na tura na uku, har su taru. Shi ya sa a kowane ɓangare a ƙarshe yake gazawa.

Fuli mai haƙori 20, kowane haƙori milimita 2, zagaye ɗaya milimita 40 ke nan. Daga tsakiyar sandar moter zuwa inda bel ke kwanciya kusan santimita 0.64. Kilo 2.5 kuwa kusan nuton 24.5 ne. Ka ninka su, ka samu kusan 15.6 N·cm. Wannan shi ne ƙarfin juyin da moter zai bayar a ƙarshen tafiya, in ba haka ba ya tsaya.

Usman, Kuseri: To ai moter ɗin 40 N·cm ne a takarda, a amfer 1.7. A amfer 0.69 zai ba da wajen 16. Ya kamata ya ja shi ko da kyar. Shi ya sa na ce guntun taku ne ke cinye sauran.

Malam Bello, Marwa: Ka kama hanya Usman, ƙarfin yana bin kuran, wannan gaskiya ne. Amma akwai abu ɗaya da takardar ba ta faɗa da babbar murya. Wannan 40 ɗin ana auna shi ne moter na tsaye, bobin biyun duka suna ɗauke da cikakken amfer 1.7 lokaci guda. Idan ƙarfin biyun ya haɗu daidai yake da amfer 2.4 a bobin ɗaya, wato 1.7 sau 1.41. A4988 ba ya taɓa ba bobin biyu cikakken Imax tare. Idan ɗaya ya cika ɗayan sifili ne, idan suna daidai da juna kowanne kashi 70 cikin ɗari yake samu. Ko a cikakken taku kashi 70 ɗin ne. Don haka da 2.4 za ka raba: 40 sau 0.69 a raba da 2.4, kusan 11.5 N·cm. Labule na neman 15.6, moter na da 11.5, kuma wannan ma na tsaye ne, idan yana juyi ya ragu. Lissafin ba na awon zinariya ba ne, amma ya isa ya nuna cewa wurin da nauyi ya wuce kilo ɗaya da rabi zuwa biyu nan zai sare. Can ne kusan inda Sa'idu ya ce yana tsayawa.

Maganar kashi 10 cikin ɗari kuma, lambar gaskiya ce amma ba a nan take aiki ba. Abin da take nufi shi ne, idan ka ce wa moter ya matsa guntun taku ɗaya tak daga 16, ƙarfin da zai tura da shi kaɗan ne, wataƙila ma bai motsa ba. Amma umarni na biyu na zuwa, na uku na zuwa, ƙarfin yana taruwa har sanda ta bi. Moter yana tafiya ne yana ɗan bin umarnin a baya, kuma iyakar ƙarfin da zai iya bayarwa kusan ɗaya ne da na cikakken taku. Mai injin sassaƙa da ke neman daidaiton gashin kai shi wannan ke damu. Labule bai san da milimita ɗaya ba.

Cikakken taku ma yana da tasa illar. Kowane taku duka ne, sanda ta wuce ta dawo, a ƙananan gudu sai girgizar ta haɗu da ta moter ɗin kansa ya rikice ya ɓatar da taku ko ba nauyi. Ga ƙara, ta bi rel ta shiga bango. A ɗakin kwana ba wanda zai jure.

Hajara, Ngaundere: Sannunku da aiki. Malam ya gama da kuran, ni kuma ina da magana kan 16 ɗin nan, don Yaya Usman bai yi kuskure ba da ya ce a rage shi, dalilin ne dai daban. Moter taku 200 ne a zagaye. Sau 16, bugu 3200 a zagaye, wato bugu 80 a kowane milimita. Mita ɗaya da rabi bugu 120,000 ke nan. Idan da laburaren AccelStepper kake aiki a Uno, da wuya ya wuce bugu 4000 a daƙiƙa, kuma wannan ma idan ba abin da yake yi sai shi. Sa'idu, da me kake ba da bugun, kuma nawa ka saka gudu?

Sa'idu, Garuwa: Ba laburare, Anti. digitalWrite ne da delayMicroseconds(50) a cikin for. Yana tashi da gudunsa kai tsaye.

Hajara, Ngaundere: To wannan ma wata ƙofar ɓatar da taku ce. Hamsin sama hamsin ƙasa, bugu kusan 9,000 ne a daƙiƙa idan an haɗa da jinkirin digitalWrite, wato labulen na fizgar fiye da santimita 10 a daƙiƙa daga tsaye. Yanzu kana tsira ne don a farkon tafiya nauyin ba yawa. Ranar da ya tsaya a tsakiya ka ce ya ci gaba, ba zai tashi ba, gurnani kawai zai yi. Kuma moter irin wannan idan ya suɓuce a cikin gudu ba ya sake kamawa, bugun na ta wucewa shi yana karkarwa a wuri ɗaya, Arduino kuwa ya ƙirga ya gama ya ɗauka an isa.

Ka koma raba taku gida takwas: MS1 da MS2 a 5V, MS3 ka bar shi ko ka kai shi GND. Bugu 40 a milimita, 60,000 gaba ɗaya.

```
#include <AccelStepper.h>
AccelStepper labule(AccelStepper::DRIVER, 2, 3);

void setup() {
  labule.setPinsInverted(false, false, true);
  labule.setEnablePin(4);
  labule.setMaxSpeed(2400);
  labule.setAcceleration(1200);
  labule.moveTo(60000L);
}

void loop() {
  labule.run();
}
```

Bugu 2400 a daƙiƙa santimita 6 ne, zai ɗauki daƙiƙa 2 kafin ya kai gudun, ya gama tafiyar cikin daƙiƙa 27 ko kusa. Ka lura da abu biyu. Lambar 60,000 ba ta shiga int a Uno, iyakarsa 32,767, sai long, in ba haka ba lambar ta juya ta zama ta baya labule ya nufi inda ba ka aike shi ba. Na biyu, kada ka saka delay ko Serial.print a cikin loop lokacin da yake tafiya, domin kowane kiran run() bugu ɗaya kawai yake iya bayarwa. Idan loop ya yi jinkiri za ka ji tafiyar tana tsinkewa.

Usman, Kuseri: Na yarda da maganar kuran. Amma ni da zan ƙara masa wuta zuwa bolt 24, A4988 na ɗaukar har 35. Ƙarfi zai ƙaru.

Malam Bello, Marwa: A babban gudu zai ƙaru, a wannan gudun ba zai ga bambanci ba. Amfanin bolt mai yawa shi ne ya cika bobin da kuran da sauri kafin taku na gaba ya zo. Santimita 6 a daƙiƙa zagaye ɗaya da rabi ne, cikakken taku 300, kowanne yana da fiye da kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa. Bobin ɗin wannan moter, da bolt 12, yana cika cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na wannan lokacin. Bolt 12 ya wadatar, ya bar kuɗinsa a aljihu.

Sa'idu ga yadda za ka saita. Muna son amfer 1.2, sau 0.8, Vref ya zama 0.96. Kashe komai, ka zare wayar moter, sannan ka kunna. Mita a ma'aunin bolt 2 na DC, baƙar waya a GND, ja a kan ƙarfen ɗan sukurun kansa. Murɗa kaɗan kaɗan, kamar kaurin farce, ka auna, ka sake. In kana da sukudireban roba ya fi, domin na ƙarfe idan ya zame ya haɗa ƙafafu biyu an gama da direban. Kuma ka saita shi da wutar 5V ɗin da na'urar za ta zauna da ita, don a allunan nan Vref daga VDD ake yanko shi. Idan ka saita a kan USB na kwamfuta mai ba da 4.7 sannan ka koma wata mai 5.1, lambar za ta matsa. Ka gama, ka kashe, ka mayar da wayar moter, sannan ka kunna. Kada ka taɓa zare ko soka wayar moter da wuta a jiki, wannan ne ya fi kowane abu kashe direbobin nan.

Amfer 1.2 zai ba ka kusan 20 N·cm. A kan 15.6 ya wuce, amma ratar ta yi kaɗan, ni ina son moter ya ninka abin da labule ke nema. Ba kuma zan ce ka ƙara kuran ba, domin A4988 ba tare da ƙarfen shan zafi ba iyakarsa wajen amfer 1 ne, da shi ma a zafin Garuwa na Maris da Afrilu, da ake wuce digiri 40, ban so ka haura 1.3. Manna masa ƙarfen, ka kula kada ya taɓa ƙafafun gefe. Sauran ratar daga rel za mu samo ta. Sauke labulen, ka goge cikin rel ɗin da tsumma, ƙurar hunturu tana kwanciya a ciki ta zama kamar yashi. Wurin haɗin nan da ke cijewa ka daidaita bakinsa da fayil. Kada ka zuba mai ko giris, sati biyu ƙura ta kama shi ya zama laka. Kakin kyandir ka goga sama sama, ko feshin silikon mai bushewa. Sannan ka sake aunawa da sikeli.

Abakar, Njamena: Salam. Na gode Malam, nima nawa na labulen shago ne, na bi bayaninka na kai Vref 0.96. Yanzu ƙarfi kam akwai, amma direba ba ya taɓuwa don zafi, moter ma haka, ko ba ya tafiya. Nawa allon launin shunayya ne.

Malam Bello, Marwa: Abakar kashe shi yanzu. Karanta abin da ke rubuce a kan guntun. Mai shunayya yawanci DRV8825 ne, lissafinsa daban: da rezista R100, kuran ninki biyu ne na Vref. 0.96 a wurinka amfer 1.9 ne. Idan amfer 1.2 kake so, 0.6 za ka saka. Ka duba moter ɗinka ma, kada ka ɗauki 1.2 ɗin Sa'idu, ka ga nawa aka rubuta a naka.

Abakar, Njamena: DRV8825 ne kuwa. Moter ɗin amfer 1.5. Na mayar 0.6, zafin ya ragu, amma moter na nan da ɗumi duk yini alhali sau biyu kawai yake aiki.

Hajara, Ngaundere: Wannan saboda direban na riƙe da shi ne da cikakken kuran ko yana tsaye. Labulen da ke tafiya a kwance ba ya buƙatar riƙo, ba inda zai zame. Ƙafar EN idan tana ƙasa direba na aiki, idan ka kai ta sama ya saki moter. A lambar da na rubuta, bayan distanceToGo() ya zama sifili ka kira disableOutputs(), kafin tafiya ta gaba kuma enableOutputs(). Daƙiƙa 30 na aiki sau biyu a rana ba za su ɗumama komai ba, kuma ga wanda ke kan batirin sola wannan babban sauƙi ne. Idan an saki, sandar na iya matsawa ɗan kaɗan, ƙasa da milimita, ba abin damuwa ba ne. Amma in labulenka irin mai naɗewa sama ne, kada ka saki, nauyinsa zai warware shi, wannan sai da giya mai riƙe kanta.

Sa'idu, Garuwa: Na goge rel, na gyara haɗin, na goga kaki. Sikeli yanzu kilo 1.6 a ƙarshe. Vref 0.96, taku gida takwas, lambar Anti Hajara. Ya je ya dawo sau goma bai tsaya ba, ƙarar ma ta ragu sosai. Amma na lura bayan sau goman ya rage kamar santimita 2 bai rufe ba. Har yanzu taku yake ɓatarwa?

Malam Bello, Marwa: Kilo 1.6 kusan 10 N·cm ne, moter na da 20, ratar ta yi. Da wannan ban zargi moter ba tukuna. Abu uku ne ke iya zamewa, kuma alƙalamin maka zai raba maka su. Kai labulen ƙarshen buɗewa. Ja layi ɗaya a kan bakin sandar moter ya haye kan fuli. Ja wani daga fuli ya haye kan bel. Ja na uku daga fuli zuwa jikin moter. Sai ka sa ya je ya dawo sau goma ka duba.

Idan layin sanda da na fuli sun rabu, ɗan sukurun fuli ne ya saki. Fulin na da sukuru biyu, ɗaya daga cikinsu dole ya zauna a kan gefen sandar da aka shafe, ba a kan zagayen ba. Idan fuli da bel ne suka rabu, bel na tsallake haƙori, za ka ma ji "ƙas" idan ka kasa kunne, kuma ɓatan zai zama ninkin milimita 2. Idan waɗannan biyun suna nan daram amma fuli bai dawo kan layin jikin moter ba, to moter ne ya ɓatar, shi kuma idan ya suɓuce cikakken taku huɗu huɗu yake zubarwa, milimita 0.8 a fulinka.

Sa'idu, Garuwa: Fuli da bel ne suka rabu, Malam. Bel ɗin ya ɗan yi ciki a tsakiya.

Malam Bello, Marwa: To ka gani. Bel mai tsawon fiye da mita 3 a kwance dole ya yi ciki. Yi wa fulin ɗaya ƙarshen rami mai tsawo yadda za ka iya ja da shi baya ka ɗaure. Ja har cikin ya tafi, ka tsaya a nan. Idan ka ɗaure shi kamar tsirkiyar baka sandar moter za ta sha wahala, kuma nauyin da ka rage da kaki ya dawo ta wata hanya. Ka tabbata bel ya rungumi rabin fulin, haƙori goma ke nan. Sannan wurin da bel ya kama zoben farko ya kasance a layi ɗaya da rel, idan yana jan sa a karkace zoben zai riƙa cijewa.

Wani abu da ban ji ka ambata ba: akwai kondansa tsakanin VMOT da GND?

Sa'idu, Garuwa: Babu.

Malam Bello, Marwa: Saka yau. Mikrofarad 100, mai jure bolt 25 ko 35, dab da ƙafafun direba, ƙafar da ke da zane a GND. Lokacin da wuta ta dawo bayan ɗaukewa, dogayen wayoyi na iya harba bolt ya haura 35 na ɗan ƙiftawa ko da wutarka 12 ce, kuma wannan ya isa ya kashe shi. RESET da SLEEP kuma ka tabbata a haɗe suke, RESET idan yana lilo moter zai riƙa yin abin da ba a sa shi ba.

Hajara, Ngaundere: Tunda an ambaci ɗaukewar wuta: ko taku ɗaya bai ɓata ba, Arduino zai manta inda labule yake idan wuta ta tafi a tsakiyar tafiya, ko yaro ya ja labulen da hannu lokacin da moter ke sake. Dole sai da makunnin iyaka a ɓangaren buɗewa. Duk lokacin da aka kunna, ya tafi a hankali, kamar bugu 600 a daƙiƙa, har ya taɓa makunnin, a kira setCurrentPosition(0), sannan a mayar da setMaxSpeed yadda yake. Ni a kowace buɗewa ma nake so a sake sifilin, ta haka kuskure ba ya taruwa. Yi amfani da ƙafafun C da NC tare da INPUT_PULLUP, yadda idan waya ta tsinke zai ɗauka ya isa ya tsaya, maimakon ya yi ta turawa. Wayar makunnin kada ta bi ta moter a jere, tana ɗaukar hayaniya, a murɗe ta biyu a ƙara ɗan kondansa 100nF a bakin Arduino. Kuma a saka iyaka: idan ya yi bugu 65,000 bai taɓa makunni ba, ya saki moter ya tsaya.

Usman, Kuseri: Duk wannan wayoyin ba sai an yi su ba idan ya saka direban TMC2209. Shiru yake kamar ba ya aiki, kuma yana gane lokacin da moter ya ci karo da ƙarshe da kansa, ba makunni.

Malam Bello, Marwa: Shirun kam gaskiya ne, ga ɗakin kwana ya fi A4988 nesa ba kusa ba. Gane karon ne ban amince da shi a labule ba. StallGuard, wato dabarar gane karon, nauyin da ke kan moter yake karantawa, nauyin labule kuwa yana sauyawa daga kilo 1 zuwa kusan 2 a tafiya ɗaya, ya kuma sauya tsakanin damina da hunturu. Ka saita shi da laushi ya tsaya a tsakiya, ka saita da tauri ya yi ta dukan ƙarshe. A ƙaramin gudu ma ba ya karantawa da kyau, kuma sai ka haɗa UART kafin ka saita shi.

Usman, Kuseri: Karon ƙarfe da ƙarfe a ƙarshen rel ya fi nauyin yadi nesa, Malam, akwai rata mai faɗi a tsakani. Kuma yana da amfanin da makunni ba shi da shi: idan labule ya maƙale a hannun taga a tsakiya, zai sani ya tsaya. Makunni bai san wannan ba.

Malam Bello, Marwa: Wannan na ba ka. A ɓangaren rufewa, inda zoben farko ke dukan ƙarfe, zai yiwu. A ɓangaren buɗewa kuwa yadi ne ke taruwa yana matsewa a hankali, babu karo mai kaifi. Ni dai zan bar makunnin ya riƙe sifili, StallGuard ya zama mai gadin tsakiya. Wanda ya gwada shi tsawon hunturu guda ya zo mana da lambobin da ya saka.

Sa'idu, Garuwa: Na ɗaure bel, na saka kondansa da makunni. Sau talatin ya je ya dawo, layukan maka uku suna nan a wurinsu. Tambaya ɗaya ta rage: akwatin da zan rufe direban a ciki na roba ne, kuma tagar tana kallon yamma, rana na dukan wurin daga azahar. Ta yaya zan gane idan zafi ne ya fara taɓa shi?

Malam Bello, Marwa: Alamarsa daban ce da ta nauyi. Idan direba ya kai iyakar zafinsa yakan yanke kuran gaba ɗaya, moter ya yi shiru ya saki na ɗan lokaci, ya huce ya sake kamawa, kuma da rana kawai za ka gani, da asuba lafiya lau. Na nauyi kuwa gurnani ne, kuma kusan a wuri ɗaya kullum. Ka huda akwatin sama da ƙasa, ka ɗora shi a bango gefen da labulen ke yi masa inuwa, wayar moter kada ta wuce rabin mita. Gwajin ka yi shi da la'asar, akwati a rufe, zuwa da dawowa biyar a jere, sannan ka buɗe ka ɗora yatsa a kan ƙarfen shan zafin. Idan ba ka iya ƙirga biyar ba, sauke Vref zuwa 0.88, amfer 1.1 ke nan, kusan 18 N·cm, har yanzu ya fi ƙarfin kilo 1.6 ɗinka. Sikelin kuma ka sake rataya shi a watan Janairu, idan ya haura kilo 2 lokacin goge rel ya yi.